Taransifar Maigida, Aikin Uwargida: Abin da Na Koya da Muka Koma Abuja

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya, ko na banki, ko na kamfanin waya, ya san wata rana za a iya tashinsa daga garin da ya saba a tura shi wani. Takardar taransifa suna ɗaya take ɗauka, amma a gidan da miji da mata duk suke aiki, aiki biyu take tayarwa. Na miji yana da ofis da kujera suna jiransa a sabon gari. Na mata kuwa babu wanda ya tanadar masa komai, kuma sau da yawa sai an gama ɗaure kaya ake tunawa da shi.

Ni malamar kimiyya ce. Lokacin da aka mayar da maigidana Abuja ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnatin jiharmu, ina mataki na 10, na cika shekara tara a aiki ina cikin ta goma. Shi kuma ma'aikacin wata hukumar tarayya ce. Muna da yara uku, biyu a firamare, ƙaramar ba ta shiga makaranta ba. Takardar ta zo ana tsakiyar zango na biyu. Abin da zan faɗa a nan daga wannan tashin na koye shi, kuma jigonsa ɗaya ne: aikin wanda zai bi sai an tashe shi da tsari da takarda, kamar yadda aka tashi na wanda aka tura.

Wanda aka tura ya fara yin gaba

Shawarar farko da muka yanke ita ce ba za mu tashi tare ba. Shi dole ya kama aiki cikin kwanakin da aka ba shi. Ni babu abin da ya tilasta mini barin aji ana tsakiyar karatu. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi alawus na kwana 28 na farko ga wanda aka yi wa taransifa, maimakon kuɗin masauki, sai dai ba ranar da ka isa ake biya ba, don haka ba a gina lissafin tashi a kansa. Ya sauka wurin wani ɗan'uwansa a Kubwa, ya fara koyon gari: wace unguwa ce ke da ruwa, wace hanya ce ke cushewa da safe, ina makarantu suke.

Tsayawata ta yi mana amfani ta fuska uku. Yara sun ƙarasa shekarar karatu a ajinsu, domin makarantu a watan Satumba suke buɗe sabuwar shekara, kuma yaron da aka cire ana tsakiyar zango yakan tarar an wuce shi a wani darasin, an maimaita masa wani. Albashina bai yanke ba a daidai lokacin da muke tara kuɗin haya. Sannan makarantu masu zaman kansu a lokacin dogon hutu suke ɗaukar malamai, wajen Yuli da Agusta. Da na je a Maris, da sai in zauna watanni ina jiran ƙofa ta buɗe.

Amma zaman gida biyu yana da sharaɗi: a sa masa wa'adi tun ranar farko. Mun ce ƙarshen zango na uku, kuma muka gaya wa iyayenmu haka. Na ga gidajen da aka ce "sai abubuwa sun daidaita", shekaru suka shuɗe miji yana kan hanyar Kaduna duk Juma'a, ko yana rububin tikitin jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, yara suka girma suna ganin mahaifinsu kamar baƙo. Tukunya biyu, kuɗin wuta biyu, kuɗin mota kowane mako, ga fargabar hanya. Abin da aka yi don a tsare albashi ɗaya sai ya koma yana cinye shi.

Ƙofofin fita daga aikin jiha

Mutane da yawa sun ɗauka ma'aikacin gwamnati ma'aikacin gwamnati ne, sai a ce maka "ai sai a yi mata taransifa ita ma". Ma'aikacin tarayya ne ake iya matsarwa daga Sakkwato zuwa Legas yana nan a aikinsa. Ma'aikacin jiha jiharsa ce ta ɗauke shi, kuma ikonta a kan iyakarta yake ƙarewa. Za ta iya kai ka kowace ƙaramar hukuma a cikinta, amma ba za ta iya ba ka aji a Abuja ba. Saboda haka hanyoyi huɗu ne a gabana, kuma kowace da farashinta.

Ta farko ita ce mayar da aikin kacokan daga jiha zuwa tarayya ko zuwa hukumar ilimi ta Babban Birnin Tarayya, shekarun da aka yi su biyo mutum. Ita ce mafi kyau, ita ce kuma mafi wuya. Sai can sun nuna suna da gurbi kuma sun yarda su karɓe ka a rubuce, sannan nan su sake ka a rubuce. Za a nemi takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardun auna ƙwazo na shekarun baya, da tarihin aiki, da shaidar albashi na ƙarshe. Idan guda ta ɓata, fayil ya tsaya. Ta biyu ita ce aro, wato a ba da kai ga wata hukuma na ɗan lokaci, sunanka yana nan a jiharka. Ita ma sai wata hukuma ta nema. Ta uku hutu ba albashi. Ta huɗu ajiye aiki.

Akwai ta biyar da mata da yawa suke bi, kuma ita nake so in ja kunne a kai: a tafi kawai, a bar wata ƙawa tana sa hannu a rajista, ko a yi shiri da wani a ofis albashi ya ci gaba da shiga. Cin albashin da ba a yi aikinsa ba haramun ne kafin a zo maganar doka. A doka kuma rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da ke kai ga kora, kuma wanda aka kora yana iya rasa haƙƙoƙinsa na shekarun da ya yi. Ranar da aka zo tantance ma'aikata asiri yake tonuwa. Na san wata malama da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa da gaskiya, ta bi mijinta ta wannan hanya, ta ƙare da takardar tuhuma da umarnin mayar da kuɗi.

Ni hutu ba albashi na nema, ina kuma bin maganar mayar da aikin a gefe. Na rubuta takarda ta hannun shugabar makarantarmu, ta wuce ofishin shiyya, ta isa hukumar da ke kula da mu. Na haɗa da kwafin takardar taransifar maigida da shaidar aure, na faɗi dalilin a fili, na faɗi ranar da nake so hutun ya fara. Kowane tebur da takardar ta sauka, sai na sa an buga mini hatimin karɓa a kan kwafina. Kuma ban daina shiga aji ba sai da amincewa ta fito a rubuce. "An ce an sa hannu" ba amincewa ba ce. Takardar da ta fito ta nuna tsawon hutun, ta nuna cewa watanninsa ba za su shiga lissafin ƙarin girma ba. Kafin a sake ni sai da na biya ragowar bashin ƙungiyar ma'aikata da ake cira daga albashina, na kuma ƙarasa zubin adashinmu na ɗakin malamai. Duk wadda take shirin tashi ta fara duba waɗannan biyun, domin albashi yana tsayawa amma bashi ba ya tsayawa.

Abu ɗaya ya sauƙaƙa mini: shaidar ƙwarewata ta ƙasa ce. Rajistar Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa tana aiki a kowace jiha, haka lasisin ma'aikatan jinya da ungozomomi. Na tabbatar lasisina bai ƙare ba tun kafin in fara neman aiki. Wadda kuma za ta nemi aikin wata jiha da ba tata ba, ta sani cewa takardar shaidar asali tana da nauyi, kuma a jihohi da dama wanda ba ɗan jiha ba aikin kwantiragi ake ba shi, wanda ba ya kai mutum ga fansho.

Shekarun da ba a gani a albashi

A nan ne na fi jin tausayin mata, domin a nan ake asarar da ba a ji zafinta sai an tsufa. Fansho iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai tsarin zubi da dokar 2004 ta kawo, wadda aka sabunta a 2014: ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba aƙalla kashi 10, kuɗin suna shiga asusu mai sunan ma'aikacin da lambarsa. Wannan asusu yana bin mutum duk inda ya koma. Maigidana a kansa yake, don haka tashinsa bai taɓa fanshonsa ba ko kaɗan. Dokar ma ta yarda wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba ya ciri kashi 25 na abin da ya tara, kodayake ba na ba kowa shawarar taɓa shi sai dole.

Amma jihohi ba duka suke kan wannan tsari ba. Wasu suna da nasu, inda haƙƙin mutum yake rataye da yawan shekarun da ya yi. A tsohon tsarin tarayya shekara biyar ke ba ka garatuti, shekara goma ke ba ka fansho, kuma a kan irin wannan ma'auni nake. Na je ofishin fansho da kaina na tambaya, aka buɗe fayil aka lissafa mini daga ranar da na kama aiki. Watanni kaɗan suka rage in cika goma, kuma ƙarshen zango na uku ya haye da ni. Da na ajiye aiki a makon da takardar maigida ta zo, da na fita da garatuti kawai, na bar fansho na har abada saboda watannin da ba su kai shekara ba. Wannan shi ne sakin reshe a kama ganye. Kafin mace ta rubuta takardar ajiye aiki, ta san ranar da ta kama aiki, ta san wane tsari take kai, ta san shekara nawa suka rage mata zuwa matakin gaba. Wani lokaci amsar waɗannan tambayoyin ita ya kamata ta yanke ranar tashi.

Maganar mayar da aikina ba ta yiwu ba, gurbi bai samu ba har hutun ya kusa ƙarewa. Sai na rubuta takardar barin aiki bisa ƙa'ida, na ba da sanarwar da doka ta nema, na karɓi takardar sallama. Shekaruna goma suna nan a rubuce, haƙƙina yana jiran lokacinsa.

Albashin da ya fi girma ba shi ne ya fi yawa ba

Makarantu biyu masu zaman kansu suka nuna suna so na. Zan kawo lissafin da adadi zagayayyu don a ga yadda ake yinsa. A gida ina karɓar naira 110,000 a wata. Kuɗin adaidaita bai wuce 10,000 ba, ƙaramar kuma tana wurin kakarta. Abin da ke rage mini 100,000 ne.

Makaranta ta farko a cikin gari take, ta ce 170,000. Gidan da ya yi daidai da aljihunmu a lokacin a Mararaba yake, wato cikin jihar Nasarawa, kuma duk wanda ya san hanyar Nyanya da safe ya san sai an fita da asuba. Kuɗin mota zuwa da dawowa 2,500 a rana, kwana 22, ya kama 55,000. Mai raino 30,000. Saura 85,000. Albashi ya ƙaru da 60,000 a takarda, amma abin da zai shiga jakata ya ragu da 15,000, ga sa'o'in da hanya za ta cinye.

Ta biyu a Kubwa take, ta ce 140,000. Idan muka kama gida kusa, kuɗin mota 10,000. Suna da ɗakin raino na 'ya'yan ma'aikata a kan 15,000. Saura 115,000. Sannan suna yafe wa malami rabin kuɗin makarantar 'ya'yansa, wanda a yara biyu ya kai kimanin 40,000 a wata idan aka baza shi a shekara. Ita na zaɓa. Kafin in sa hannu na tambayi abu uku: ana biyan albashi a lokacin dogon hutu? Ana zuba fansho, kuma zan ga shaidar shigarsa a asusuna? Mene ne tanadinsu na hutun haihuwa? Na nemi amsoshin su shiga takardar ɗaukar aiki, domin akwai masu cire kason ma'aikaci daga albashi su riƙe ba su zuba ba. Alamar hakan mai sauƙi ce: an cira a takardar albashi, amma watanni sun wuce babu saƙon shigar kuɗi daga kamfanin fansho.

Wannan lissafin ne ya zaɓa mana unguwa. Al'ada ita ce a kama gida kusa da ofishin miji. Mu muka duba wa ya fi ɗaure da agogo. Ni dole in tsaya a taron safe tare da ɗalibai, kuma ni ce ke tafiya da yara uku. Shi hukumarsu tana da motar ma'aikata da ke bin babbar hanyar Kubwa. Mutum ɗaya ya sha hanya ya fi huɗu su sha. Haya kuma a Abuja ta shekara ake biya gaba ɗaya. Gidan naira miliyan 1 da dubu 200, idan ka ɗora kason dillali da na lauya, waɗanda yawanci kashi 10 ne kowanne, da kuɗin ajiya na ko-ta-kwana 100,000, ya zama miliyan 1 da dubu 540 kafin a sauke katifa. Albashin da na ci gaba da karɓa a watannin da na tsaya yana cikin abin da ya rufe wannan giɓin.

Abin da ba a rubuta wa ofis

Ciyarwa da tufatarwa da muhalli nauyin miji ne, albashin mace kuma nata ne. Wannan ba mu taɓa musu a kai ba. Amma a aikace albashina yana ɗauke da abubuwa da yawa da ba a lissafawa: maganin mahaifiyata, kuɗin makarantar ƙanina, gudummawar biki da suna, kayan ciye-ciyen yara. Tsakanin tsayawar albashin jiha da shigowar na sabuwar makaranta akwai rata. Tun kafin tashi muka zauna na jera masa su, na ce, "Abban yara, waɗannan ba za su jira in sami aiki ba." Ya ɗauki maganin Umma a kansa har na fara karɓa. Macen da ta saba da nata, idan ta wayi gari tana roƙon kuɗin katin waya, wani ƙunci yake shigarta wanda ba ta iya faɗa, sai ya fito ta wata hanya a zaci rashin kunya ce. Gara a yanke wani abu da zai riƙa shiga hannunta a wannan tsakani, ba tare da ta tambaya ba.

Tsayawata a gida ta jawo magana a dangi, aka ce mace ta bar miji shi kaɗai a Abuja saboda albashi. Maigida ne ya je da kansa wurin mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, ni na ce ta tsaya. Yara su gama shekara, ita kuma ta cika shekarun fanshonta." Daga ranar magana ta mutu. Da ni ce na faɗa, da an ji shi a matsayin kare kai. Irin wannan bayani ga dangin miji, miji ne ya kamata ya yi shi, kuma ya yi shi da wuri.

Aikin gida ma sai da aka sake raba shi. A garinmu akwai kaka, akwai ƙanwa, akwai maƙwabciyar da za ka ce "ga yara nan". A sabon gari babu ko ɗaya a farkon zuwa. Muka tsara abin da kowa zai ɗauka bisa agogonsa: ni safiya da yara, shi cefanen ƙarshen mako da kai su Islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi, wanda aikinsa ya fi ɗaukar uzuri a ranar shi ke kai shi asibiti. Idan ina da jarrabawar gwaji a ɗakin kimiyya, shi ke neman izini. Mun kuma mayar da asibitinmu na inshorar lafiya zuwa kusa da gida tun kafin buƙata ta taso, tunda inshorar aikinsa ta ƙunshi mata da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18.

Abu na ƙarshe da muka yi magana a kai shi ne gaba. Na bar mataki na 10 da jerin ƙarin girma da nake kai, na koma sabuwar malama a wurin da babu wanda ya san ni. Wannan asara ce ta gaske, kuma ya amsa cewa asara ce. Muka yi alkawari cewa dama ta gaba, ko karatu ko aiki, tawa ce za a fara dubawa, kuma idan an sake tashinsa kafin yara su gama firamare zai nemi a ɗaga masa ƙafa ko ya yi gaba shi kaɗai zuwa wani wa'adi. Da na sami gurbin digiri na biyu na ƙarshen mako, shi ya riƙe gida ranakun Asabar, ba tare da na tuna masa ba.

Ga 'yar'uwata da takardar taransifa ta shigo gidanta: kada ki rubuta takardar ajiye aiki a makon farko. Je ki ofishin fansho a lissafa miki shekarunki, ki tattara takardunki, ki nemi izini a rubuce, ki lissafa abin da zai rage a hannunki bayan mota da raino. Ga maigida kuma: shekarun da matarka ta yi tana gina aikinta dukiyar gidanka ce, kuma kai ne ka fi kowa ikon tsare ta. Ka zauna da ita ku yi wannan lissafin tare kafin ka kira mai mota.